Ritaya Saboda Rashin Lafiya: Abin da Kwamitin Likitoci Yake Dubawa Kafin a Sallami Ma'aikaci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne a wata hukuma ta gwamnatin tarayya, na kama aiki a watan Maris na 2001, shekaruna 47. Ciwon suga ya taɓa mini ido, ba na iya tuƙi da dare, da rana ma sai da lalube. Wata biyar ke nan ina yawan fashin aiki. Wasu sun ce in ajiye aiki in karɓi kashi 25 na kuɗin fanshona, wasu sun ce in nemi ritayar rashin lafiya. Ina da takardar likita daga wani asibitin kuɗi. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Na daɗe a sashen kula da ma'aikata, kuma fayil irin naka ya sha bi ta teburina, saboda haka zan fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka rubuta takardar ajiye aiki, kuma kada ka sa hannu a kan wadda wani ya rubuta maka, ko da ya ce taimakonka yake yi. Sannan ka ajiye makullin mota tun yau, ka sanar da shugaban sashenku a rubuce cewa ganinka ya ragu, domin idan wani abu ya faru a kan hanya alhali ka san halin da idonka yake ciki, maganar za ta tashi daga ta rashin lafiya ta koma ta sakaci, kuma akwai rayukan mutane a ciki.

Dalilin da ya sa na hana ka ajiye aiki yana cikin Dokar Gyaran Fansho ta 2014. Asalin ƙa'idar da ke sashe na 16 ita ce ma'aikaci ba ya taɓa asusun fanshonsa sai ya kai shekara 50. Amma sashen ya keɓe wanda ya yi ritaya bisa shawarar ƙwararren likita ko kwamitin likitoci da aka kafa bisa ƙa'ida, waɗanda suka tabbatar cewa jikinsa ko hankalinsa ba zai iya ɗaukar aikin ofishinsa ba, haka kuma wanda ya sami nakasa cikakkiya ko ta dindindin. Irin wannan mutum ana ɗaukarsa tamkar wanda ya yi cikakkiyar ritaya, ko shekarunsa nawa ne: yana iya karɓar wani kaso a dunƙule, sauran kuma a riƙa biyansa wata-wata, ko dai daga kamfanin fanshonsa ko daga kamfanin inshora idan ya zaɓi fanshon da ake biya har ƙarshen rayuwa. Kashi 25 da aka yi maka maganarsa wata ƙofa ce daban, ta wanda ya rasa aiki kafin shekara 50 kuma ya yi wata huɗu bai sami wani ba. Idan ka bi ta wannan ƙofa, za ka jira wata huɗu ba albashi, ka karɓi rubu'i ɗaya, sauran kashi 75 kuma su zauna a kulle har ka cika 50, ga shi kana sayen magani kullum. A takarda kuma babu inda zai nuna ciwo ne ya raba ka da aiki, sai dai a ce kai ka tafi don kanka.

Kafin maganar ritaya ma, fashin wata biyar ɗin nan shi ne ya fi tayar mini da hankali. A dokokin aikin gwamnatin tarayya, ma'aikacin da ba a kwantar a asibiti ba yana da hutun rashin lafiya na kwana 42 ne a cikin wata goma sha biyu, idan aka haɗa duka. Wanda ya wuce haka, ƙa'ida ta ce a gabatar da shi gaban kwamitin likitoci a duba ko ya kamata a sallame shi saboda lafiya. Wanda aka kwantar yana samun har wata uku da cikakken albashi da farko, bayan nan shi ma kwamitin ne zai ce a ƙara masa ko a sallame shi. Duk ranar da ba ka zo aiki ba kuma babu takardar hutu daga asibitin da hukumarku ta amince da shi, a fayil sunanta fashi ba izini, wanda babban laifi ne da ake korar mutum a kansa. Yawanci shugabanni suna kawar da kai don tausayi, sai ranar da aka canza shugaba ko aka zo tantance ma'aikata, sannan a wayi gari da takardar tuhuma. Don haka ka tattara katin asibitinka da duk takardun hutun da aka taɓa ba ka, ka jera su bisa kwanan wata, ka kai rajista a sa a fayil ɗinka, ka kuma riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ranakun da babu takarda, ka roƙi likitan da yake duba ka ya rubuta ranakun da ka zo asibiti kamar yadda suke a fayil ɗinsu. Kada ka yarda wani ya ƙirƙiro maka takardar da aka mayar da kwanan watanta baya, domin kwamiti yana iya neman fayil ɗin asibiti, kuma takarda ɗaya ta bogi tana zubar da darajar duk na gaskiyar.

Yanzu sai takardar likitan da kake da ita. Ban gan ta ba, amma ina iya hasashen abin da ke ciki, domin galibinsu kusan iri ɗaya ne: sunan majiyyaci, sunan ciwo, cewa yana karɓar magani a wurinsu, sannan a rufe da roƙon a ba shi duk taimakon da ya dace. Na taɓa riƙe fayil ɗin wani masinja da ya zo da irin wannan takarda mai layi huɗu, an rubuta yana da hawan jini mai tsanani. Mutumin nan ba ya iya hawa bene, ƙafarsa ta hagu jan ta yake yi, amma takardar ba ta ambaci ƙafa ba balle bene. Aka mayar da ita, ya koma asibiti, ya tarar likitan ya bar wurin, sai da aka sake komai daga farko, kusan rabin shekara ta tafi a banza. Kuskuren da ake yi shi ne zaton kwamitin yana auna tsananin ciwo ne. Tambayar da ke gabansa ita ce ko wannan mutum zai iya yin wannan aiki da aka ɗauke shi dominsa, idan kuma ba zai iya ba, shin na ɗan lokaci ne ko ya zauna ke nan. Mutum dubu suna da ciwon suga suna zuwa ofis kullum, saboda haka sunan ciwon shi kaɗai ba hujja ba ne.

A halinka, rahoton da zai yi aiki na likitan ido ne, babban likita mai matsayin kwansaltan, a asibitin gwamnati irin su asibitocin koyarwa, ko cibiyoyin lafiya na tarayya, ko Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Dokar fansho ba ta ce likitan asibitin kuɗi ba likita ba ne, amma a aikace hukumomin gwamnati da kamfanonin fansho sun fi natsuwa da rahoton asibitin gwamnati, kuma da wuya su tsaya a kan na kuɗi shi kaɗai. Takardar da kake da ita kada ka yar, tana nuna tarihin jinyarka, sai ka tafi da ita. Abin da ake so rahoton ya ƙunsa shi ne lokacin da aka gano sugan da lokacin da idon ya fara, sannan ainihin abin da ya sami idon, da ma'aunin ganin kowane ido daban bayan an gwada maka gilashin da ya fi dacewa. Wannan ma'auni shi ne wanda ake rubutawa kamar 6/6 ko 6/18 ko 6/60. Ma'anar 6/60 ita ce abin da mai lafiyayyen ido yake karantawa daga nisan mita 60, kai sai ka matso mita 6 kake ganinsa. Ga direba akwai gwaji na biyu da bai kamata a tsallake ba, wato faɗin gani, wanda yake nuna ko kana hango abin da ke tahowa ta gefe. Mutum yana iya karanta haruffan allo daidai gwargwado amma ba ya ganin ɗan acaɓa sai ya shigo gabansa.

Abu mafi nauyi a rahoton shi ne layin da likita zai faɗi ko akwai sauran magani. A nan ne ake samun bambanci mai girma tsakanin mutum biyu da dukansu suke cewa suga ya taɓa musu ido. Idan yanar ido ce ta rufe idon, wadda masu suga suke saurin samu, aikin tiyata yana cire ta kuma gani yakan dawo, don haka kwamiti ba zai sallame ka ba, zai ce a yi aiki a ba ka hutu a sake dubawa, kuma wannan alheri ne a gare ka. Idan kuwa sugan ya lalata ƙananan jijiyoyin jini na bayan ido ne, ana yin maganin leza ko allurar cikin ido don a tsayar da ɓarnar, wani lokaci a sami ɗan sauƙi, amma abin da ya riga ya mutu a can ba ya dawowa. Rahoto mai kyau zai faɗi maganin da aka gwada, da ranakun da aka yi, da sakamakon da aka samu, sannan likita ya rubuta ƙarara cewa a ra'ayinsa ganin ba zai dawo matakin da tuƙi yake buƙata ba. Idan har yanzu ba a gwada komai ba, kada ka yi mamaki idan kwamiti ya ɗage shari'arka wata uku ko shida. Ka duba kuma cewa sunan likitan, da matsayinsa, da sa hannunsa, da hatimin asibiti, da lambar fayil ɗinka duk suna jiki, kuma sunanka ya zo daidai da yadda yake a takardar ɗaukarka aiki. Rahoton da ya tsufa ma akan ce a sabunta shi, saboda haka kada ka karɓa ka ajiye a akwati.

Likita ba zai iya cewa ba za ka iya aikinka ba sai ya san aikin, kuma a nan tarihin aikinka yake shigowa. Mutane suna ɗaukar tarihin aiki a matsayin takardun lissafin kuɗi kawai, alhali rabin hujjarka ce. Ka nemi shugaban sashen sufuri ya rubuta takarda gajeriya da ke bayyana abin da kake yi a zahiri: irin motar da kake tuƙawa, ko bas ce ta ma'aikata ko ƙaramar mota, ko kana tafiye-tafiye masu nisa, ko aikin yana kai ka dare, da lokacin da aka fara lura ba ka iyawa. Ka kai wa likitan ido wannan takarda kafin ya rubuta rahotonsa. Idan takardar ofis ta ce aikin mutumin nan ɗaukar ma'aikata goma sha takwas ne zuwa wasu jihohi, sau da yawa a dawo bayan magariba, rahoton likita kuma ya ce idon dama 6/60 ne, na hagu 6/36, faɗin gani ya ƙuntata kuma ba a sa ran gyara, to kwamiti ba shi da sauran abin tambaya. Takardun biyu ne suke amsa wa juna.

Ɗaya ɓangaren tarihin aikin kuma shi ne wanda rajista take riƙewa: ranar kama aiki, tabbatarwa, kowane ƙarin girma da matakin albashi, canjin wurin aiki, da ranar haihuwa. Ka je da kanka ka nemi a nuna maka, ka kwatanta da takardun da ke hannunka. Saboda ka kama aiki a Maris na 2001, kana da haƙƙi iri biyu. Daga Yulin 2004, lokacin da sabon tsarin fansho ya fara, ana zuba maka kuɗi a asusunka kowane wata. Shekara uku da 'yan watannin da ka yi kafin nan kuwa a ƙarƙashin tsohon tsari suke, gwamnati ce take lissafa haƙƙinka na wannan lokaci ta biya cikin asusunka idan ka yi ritaya, kuma lissafin ya dogara ne a kan ranar kama aikinka da matakin da kake a ƙarshen Yunin 2004. Ba kuɗi ne mai yawa ba ga wanda yake ƙaramin mataki a lokacin, amma rashin takardar da ke tabbatar da shi yana iya tsayar da komai, domin Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, sai ta tantance ma'aikacin da albashinsa yake fitowa daga baitulmali kafin a haɗa masa asusunsa. Ranar haihuwa kuwa ita ce ramin da ya fi cin mutane. Idan fayil ya ce 1978, katin ɗan ƙasa ya ce 1980, kamfanin fansho kuma yana da wata daban, babu abin da zai motsa sai an daidaita, kuma a aikin gwamnati ranar da ka bayar lokacin da aka ɗauke ka ita ce abin dogaro. Ka fara wannan gyara yanzu da kake da albashi da abokan aiki a kusa, ka kuma je kamfanin fanshonka ka sabunta bayananka, ka karɓi cikakken bayanin asusu ka duba ko akwai watannin da ba a zuba ba.

Idan waɗannan sun haɗu, sai ka rubuta takardar neman a gabatar da kai gaban kwamitin likitoci. Ana rubuta ta ga shugaban hukumarku ta hannun shugaban sashenka, kuma gajeriya ce: sunanka da lambar fayil, muƙaminka, ranar kama aiki, abin da yake damunka a jimla biyu, takardun da ka haɗa, da roƙon a duba lafiyarka a yanke ko za ka iya ci gaba da aiki. Ka lura cewa ba cewa za ka yi ka ajiye aiki saboda rashin lafiya ba, domin wannan ma ajiye aiki ne, sunan kawai aka ƙawata. Ba kai ne kake kafa kwamitin ba, hukuma ce take rubuta wa hukumomin lafiya a haɗa shi, galibi likitoci uku ko fiye a wani asibitin gwamnati. Wannan mataki yana jan lokaci, kuma yawanci ba mugunta ba ce, takarda ce take kwana a tire. Ka sami mutum ɗaya a sashen ma'aikata da zai riƙa gaya maka teburin da fayil yake, ka riƙa leƙawa cikin ladabi duk mako biyu, kana kuma zuwa ofis kana sa hannu a rajistar halarta ko kana kawo takardar hutu har a gama.

Ranar da za ka bayyana, ka je da ɗan rakiya, da gilashinka, da magungunan da kake sha a kwalayensu, da asalin duk takardu. Za su sake gwada ka da kansu, wataƙila su ɗiga maka maganin da yake buɗe ƙwayar ido, wanda zai sa ganinka ya dushe na wasu sa'o'i, wannan ma dalili ne na zuwa da wani. Kuskure biyu na sha gani. Akwai mai ƙara gishiri, ya ce ba ya ganin komai alhali ya shigo ɗakin ya ja kujera ya zauna ba tare da lalube ba, likitoci kuwa suna kallo tun daga bakin ƙofa, kuma gwajin faɗin gani da na'ura yana nuna idan amsoshin mutum ba su jitu ba. Akwai kuma wanda ya fi yawa a cikinmu, mai kunya da tawakkali, a tambaye shi yaya jiki ya ce alhamdu lillahi da sauƙi, a tambaye shi ko yana iya tuƙi ya ce ana taɓawa. Godiya ga Allah tana nan, amma wannan ɗaki wurin ba da shaida ne. Ka faɗi abin da yake faruwa dalla-dalla: cewa fitilar motar da ke tahowa tana rufe maka hanya gaba ɗaya, cewa ba ka karanta allon kan titi sai ka zo dab da shi, cewa ka daina gane fuskar mutum daga ƙofar ofis.

Hukuncin kwamiti yakan zo ɗaya daga cikin uku: a ƙara maka hutu a sake dubawa, ko a ce ba za ka iya tuƙi ba amma kana iya wani aiki mai sauƙi, ko a ce a sallame ka gaba ɗaya. Ina so ka tsaya a kan na biyun ka yi tunani sosai kafin ka raina shi, domin a ganina, idan idon yana da sauran amfani, shi ne ya fi maka. Bari mu yi lissafi da adadin da na ɗauka don misali kawai, kai sai ka sa naka. A ce a asusunka akwai naira miliyan 3.6. Ta hanyar kashi 25, naira 900,000 za ka karɓa. Ta hanyar ritayar rashin lafiya duk kuɗin ne ake lissafawa, amma fa wannan kuɗi ne za a shimfiɗa a kan sauran rayuwar mutum mai shekara 47. Idan aka raba miliyan 3.6 a kan shekara 25, wato wata 300, naira 12,000 ke nan a wata kafin a sa ribar da kuɗin yake samu, kuma kafin a cire abin da ka karɓa a dunƙule. Ainihin lissafin kamfanin fansho ya fi wannan sarƙaƙiya, yana duba shekaru da jinsi da albashin ƙarshe da ribar da ake tsammani, kuma zai ba da abin da ya fi haka, amma ba zai kusanci albashinka ba. A wannan tsari babu wani ƙarin kuɗi da ake ba mutum don ya nakasa. Abin da ka tara shi ne naka, an dai buɗe maka shi da wuri ne. Idan ma abin da ke asusun ya gaza ƙa'idar da PenCom ta sa na mafi ƙarancin fanshon wata, sai a ba ka duka a dunƙule, shi ke nan babu na wata-wata.

Ka kwatanta wannan da zama a aiki. Shekararka 35 a aiki za ta cika a 2036, kafin ka kai shekara 60, saboda haka kana da kimanin shekara goma a gaba. Doka ta ce hukuma ta zuba aƙalla kashi 10, kai kuma kashi 8. Idan albashin da ake lissafin fansho a kansa naira 90,000 ne, kashi 18 ɗinsa naira 16,200 ne a wata, a shekara goma kuwa naira 1,944,000, ban da riba da ƙarin girma, ban da albashin kansa da za ka ci gaba da ɗauka, ban da inshorar lafiyar ma'aikata wadda take rage maka kuɗin asibiti kuma take tafiya tare da kasancewarka a jerin masu albashi. Ga mai ciwon suga wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Direban da ya san motocin hukuma shekara ashirin da wani abu yana iya kula da tsarin fitar motoci, ko bin diddigin gyara a wurin makanikai, ko zama a sito idan yana iya karatu da gilashi. Idan kana son wannan, ka roƙi likitan ido ya rubuta abin da kake iyawa tare da abin da ba ka iyawa, ka kuma ambata a takardarka cewa a shirye kake a canza maka aiki. Hukuma ba dole ta sami gurbi ba, amma ba za ta nema ba idan ba a tambaye ta ba.

Wasu za su ce maka ka nemi diyya a NSITF, wato hukumar gwamnati da take biyan diyyar ma'aikata. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta shafi rauni ko ciwon da aiki ne ya jawo shi ko aka same shi a bakin aiki, kuma tana da nata wa'adi: a sanar da wanda ya ɗauki mutum aiki cikin kwana 14, a shigar da buƙata cikin shekara ɗaya. Ciwon suga ba ya cikin wannan, sai dai idan ka taɓa yin haɗari a kan aiki wanda ya taɓa idon, kuma an rubuta shi a lokacin. Inshorar rai ta ma'aikata, wadda take ninki uku na albashin shekara, ita kuma ta mutuwa ce a bakin aiki, ba ta biyan nakasa. Duk abin da na faɗa kuma na ma'aikacin tarayya ne. Abokinka da ke aiki da jihar Kano ko Jigawa yana ƙarƙashin dokar fanshon jiharsa mai tsari daban, don haka kada ka gina lissafinka a kan abin da aka biya shi.

Idan kwamiti ya ce a sallame ka, hukuma za ta ba ka hutun da ya rage maka sannan ta fitar da takardar ritaya. Kada ka karɓa ka ninke ka sa a aljihu. Ka sa wani ya karanta maka ita a nan take, ka tabbatar an rubuta cewa ritaya ce bisa dalilin rashin lafiya, an ambaci rahoton kwamitin da kwanan watansa, an kuma faɗi ranar da ritayar ta fara da matakin albashinka na ƙarshe. Na ga takardar da mai buga ta ya ɗauko tsohon samfuri ya rubuta ritayar ganin dama, kamfanin fansho kuma abin da ke rubuce yake bi, sai da aka koma aka sake ta. Da wannan takarda, da kwafin rahoton kwamiti mai hatimi, da takardar ɗaukar aiki, da takardun albashin wata uku na ƙarshe, da shaidar haihuwa, da lambar katin ɗan ƙasa, da bayanin asusun banki da hotuna za ka je kamfanin fanshonka. Ka kuma tambayi ofis game da kuɗin asusun gidaje na ƙasa da ake cire maka, domin ana mayar wa wanda ya yi ritaya nasa ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, kuma mutane da yawa suna mantawa da shi.

Tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akwai tazara, kuma waɗanda suke da haƙƙin kafin 2004 sun sha jiran watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin gwamnati ta saki kasonta. Ka zauna da iyali tun yanzu ku san abin da za a ci da kuɗin insulin ko ƙwayoyi a wannan tsakani, idan kana cikin ƙungiyar adashen ma'aikata kuma kada ka ci sabon bashi a kan albashin da yake shirin tsayawa. Idan aka ƙi gabatar da kai gaban kwamiti, ko aka nemi korarka saboda fashin da ciwo ya jawo, ka fara da ƙungiyar ƙwadagonku da takardar koke ta cikin gida, abin da ya shafi asusun fansho kuma a kai wa PenCom, idan duk sun gaza sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Dokar fansho ta kuma ba ka damar neman a sake duba lafiyarka sau ɗaya a duk shekara biyu. Idan aka yi wa idon aiki ya gyaru, likitoci suka tabbatar kana iya aiki, kana iya komawa cikin tsarin fansho da asusunka na da idan ka sami wani aikin, amma wannan ba ya tilasta wa tsohuwar hukumarka ta mayar da kai kan kujerarka.